Yadda ake taƙaita dokar musayar kaya a shafi ɗaya don darakta

A watan Yulin 2020 gwamnatin Aljeriya ta sabunta dokar cinikin ba ni gishiri in ba ka manda tsakanin jihohinta na kudu, ciki har da Tamanrasset, da ƙasashen Nijar da Mali. Dokar da Larabci da Faransanci take, ga sharuɗɗa ga jerin kayayyaki. A ce daraktan wani kamfanin sari a Tamanrasset ya samu tayin lalle da gero na dinari miliyan 5 daga Agadez, kuma yau ake jiran amsarsa. Ba shi da lokacin karanta dokar, sai ma'aikacinsa ya rubuta masa shafi ɗaya.

Layin farko ba tarihin doka ba ne, shawara ce: a karɓi tayin, muddin sunan kamfanin yana cikin jerin 'yan sarin da wali, wato gwamnan jiha, yake amincewa da su kowace shekara. Ko nan darakta ya tsaya, ya san abin yi.

Daga nan sai a kawo sharuɗɗan da suka shafi wannan cinikin kaɗai. Lalle da gero suna cikin kayan da aka yarda a shigo da su. Kuɗin da aka sayar da su kuwa ba ya tsallaka iyaka, kayan Aljeriya da ke cikin jeri za a saya da shi a biya mai kaya, kuma darajarsu kada ta wuce wadda aka bayyana wa duwan lokacin shigowa. Ana iya fitar da busasshen dabino da gishiri da barguna, amma ban da dabinon Deglet Nour.

A nan mai taƙaitawa ya fi yin tuntuɓe. Idan don neman wuri ya rubuta "an yarda da dabino" ya yi shiru, darakta zai iya yin alkawarin Deglet Nour, motar ta maƙale a In Guezzam. Ana yanke gabatarwa da maimaici, amma duk jimlar da take ɗauke da "ban da" ko "sai dai" ba a taɓa ta. Kowane sharaɗi kuma a sa lambar ayarsa a gefe, don mai shakka ya koma ga asali.

Ƙarshen shafin na abin da dokar ba ta faɗa ba ne. Takardar 2020 ba za ta nuna ko hanyar In Guezzam zuwa Assamaka a buɗe take yau ba, ko an yi wa jerin kayan gyara. Sai marubucin ya faɗi ofishin da ya tambaya da ranar da ya tambaya.

Kafin a miƙa takardar, a ba wanda bai san dokar ba ya karanta. In ya kasa faɗin abin da ake so darakta ya sa wa hannu, da saura.