Ka aika daga nesa, firintar gida ta yi shiru: ina aikin ya maƙale?

A yau mutum yana iya zama a Abuja ya danna waya, takarda ta fito daga firintar da ke ɗakinsa a Kano. Amma duk wanda ya taɓa dogara da wannan hanya ya san takaicinta: waya ta ce an aika, a gida kuwa ko motsi firintar ba ta yi ba. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Aikin ne ya tsaya a wani zango na hanyarsa, kuma gano zangon shi ne rabin gyara.

Bari mu fara da yadda aikin yake tafiya. Idan kana gida, wayarka da firinta suna kan wayifai guda, don haka suna ganin juna kai tsaye. Haka tsarin AirPrint na wayoyin Apple yake aiki, shi ya sa da zarar ka fita daga gida sunan firintar yake ɓacewa daga wayar. Daga nesa kuwa sai an bi ta hannun wani. Wayarka tana miƙa takardar ga kwamfutocin kamfanin da ya ƙera firintar, ita kuma firintar, ta cikin rautar gida, tana riƙe da layi a buɗe zuwa kamfanin tana jiran aiki. Kamfanin HP yana kiran wannan tsari `Print Anywhere` a manhajarsa, Epson kuma yana da `Epson Connect`, wanda har adireshin imel yake bai wa firinta. Tsarin Google Cloud Print da mutane da yawa suka saba da shi an rufe shi a ƙarshen 2020, don haka duk bayanin da ya tura ka can ya tsufa.

Abin ya yi kama da ba da saƙo a tashar mota. Karɓar da direba ya yi ba ta nufin saƙon ya isa hannun mai shi. Kalmar `Sent` a waya shaidar karɓa ce kawai.

Mu ɗauki misalin magidanci da yake kan tafiya, ɗansa kuma yana buƙatar takardar shiga jarrabawa da safe. Ya aika da daddare, bayan minti goma yaro ya kira ya ce babu komai. Abu na farko shi ne ya buɗe manhajar ya karanta abin da ke ƙarƙashin sunan firintar. Idan ya ga `Offline`, kamfanin ba ya jin firintar ke nan, matsalar tana tsakanin soket da rauta. Idan kuwa ya ga tana kan layi amma da alamar gargaɗi, aikin ya isa gida, wani abu ne a jikin firintar ya tare shi.

A ɓangaren `Offline`, wanda ake fara zargi a ƙasashenmu shi ne wuta. An ɗauke da rana, an dawo da ita da yamma, rauta ta tashi da kanta, amma firintoci da yawa masu aiki da tawada ba sa kunnuwa sai an danna maɓalli. Akwai kuma tsarin tsimin wuta. Barci daban, kashewa daban: firintar da ta yi barci yawanci tana farkawa idan aiki ya zo, wadda ta kashe kanta bayan wasu sa'o'i kuwa ta yanke hulɗa da duniya. Ana samun wannan a saituna da suna irin `Auto Power Off` ko `Auto-Off`, kuma duk mai son bugawa daga nesa dole ya kashe shi.

A ce yaron ya duba ya tarar fitilar firinta a kunne. Sai a koma kan rauta. A nan mutane suke yawan ruɗewa, domin wayifai daban ne, intanet daban. Data na iya ƙarewa a ƙaramar rautar da ke aiki da layin waya, alhali fitilar wayifai tana ci lafiya lau. Gwajin mai sauƙi ne: yaron ya kashe datar wayarsa, ya hau wayifan gida, ya buɗe kowane shafi. In bai buɗe ba, sayen data ne maganin, firinta ba ta da laifi.

In shafi ya buɗe, sai ya sa firintar ta buga takardar bayanin haɗinta, wadda ake samu a saitunan sadarwa, ya karanto layin `IP Address`. Lamba irin `192.168.0.105` tana nuna rauta ta karɓe ta. Lambar da ta fara da `169.254` ko ta zama `0.0.0.0` kuwa tana nufin ba ta samu adireshi daga rauta ba. Wannan yakan faru idan firinta ta riga rauta tashi bayan dawowar wuta, ko an sauya kalmar sirrin wayifai an manta da ita. Haka kuma firintocin gida da yawa, musamman tsofaffi, zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji, ba sa ganin 5 GHz. Gyaran yana da tsari: a kashe duka biyun, a kunna rauta, a jira kamar minti biyu ta daidaita, sannan a kunna firinta.

Yanzu ɗaya ɓangaren, inda firinta take kan layi amma ta ƙi bugawa. Ƙarewar takarda, maƙalewarta da ƙarewar tawada sanannu ne. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne saɓanin girman takarda. Mu A4 muke amfani da ita, mai milimita 210 da 297, amma fayiloli da manhajoji da yawa suna zuwa a kan `Letter` ta Amurka, mai 216 da 279. Wasu firintoci idan suka ga saɓanin sai su tsaya suna jiran a danna `OK`, duk ayyukan da ke bayan wannan kuma su yi cirko-cirko. Danna ɗaya daga hannun yaron ya isa ya saki layin. Shi ya sa bai kamata a yi ta maimaita aikawa ba: wanda ya aika sau shida, da zarar hanya ta buɗe yana iya samun kwafi shida, ya yi asarar takarda da tawada. Ya fi kyau a soke tsohon aikin, a zaɓi A4, a mayar da fayil ɗin PDF, a aika sau ɗaya.

Akwai gargaɗi guda da ya zama dole. Wasu suna ba da shawarar buɗe ƙofar firinta a rauta, lamba 9100 ko 631, don a riƙa isa gare ta kai tsaye daga waje. Kada ka yi. Ƙofar 9100 ba ta tambayar kalmar sirri, duk wanda ya gano ta zai iya buga abin da ya ga dama a ɗakinka. Ga masu intanet na layin waya ma sau da yawa dabarar ba ta aiki, domin kamfanin sadarwa yakan haɗa gidaje da yawa a kan adireshi guda.

Kafin ka yi tafiya, ka yi gwajin gaskiya. Kashe wayifan wayarka kana tsaye a gaban firintar, ka aika shafi ɗaya da data. Sannan ka zare wutar rauta da firinta, ka mayar, ka ga ko za su dawo kan layi ba tare da an taɓa su ba. In ba su dawo ba, ka ɗora su a kan inbata, ko ka nuna wa wani a gida maɓallin kunnawa da na `OK`. Ka cika tire da takarda, ka duba tawada da ranar ƙarewar data. Minti goma da za ka ɓata a kan wannan sun fi kiran waya goma cikin dare.