Hayar Hanya ko Kuɗin Ruwa? Abin da Mai Sukuk Ya Mallaka

A watan Satumba na 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Najeriya ya fitar da sukuk na farko na Gwamnatin Tarayya, na naira biliyan 100, domin aikin hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar, ciki har da tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri. Wa'adinsa shekara bakwai ne, ladarsa kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. Wanda ya zuba naira 100,000 ya riƙa karɓar naira 8,235 duk bayan wata shida, har wa'adi ya cika a 2024, lokacin mayar masa da uwar kuɗinsa. To wanda ya sayi takardar bashin gwamnati ta yau da kullum ma kusan haka lissafinsa yake. Shi ya sa mutane da yawa suke tambaya ko ba sunan kawai aka sauya ba.

Bambancin yana cikin abin da aka ƙulla. Mai takardar bashi rance ya bayar. Bai mallaki komai ba sai alkawarin biya, kuma ƙarin da yake samu kuɗi ne ya haifi kuɗi saboda tsawon lokaci, wanda shi ne riba a shari'a. Ba ruwansa da inda kuɗin suka tafi, ko albashi aka biya da su ko tsohon bashi aka toshe.

Shi kuwa sukuk na ijara sai an bi ta kan wata kadara. Gwamnati ta kafa kamfani na musamman wanda ya tattara kuɗin jama'a a matsayin amintaccensu. Da kuɗin aka biya 'yan kwangila, kowane mai takarda ya zama yana da rabo a hanyoyin, gwamnati kuma ta karɓi hayarsu. Naira 8,235 ɗin nan ke nan kuɗin haya ne. A ƙarshe gwamnati ta saye rabon kowa a kan farashin da ta yi alkawari tun farko. Amfanin wannan tsari a fili yake: kuɗin a ɗaure suke da ayyukan da aka ambata da suna, kuma kowa na iya zuwa ya ga ko an zuba kwalta.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba. Idan mai haya ya kasa biya, wa za ka kama? A nan sukuk ya rabu gida biyu. A kashi na farko cinikin na gaske ne: kadarar ta fita daga hannun mai ita ta koma ta masu takardu, daga abin da take samarwa ake biyan su, in ta yi asara su ma sun yi. A kashi na biyu, wanda shi ne mafi yawa a kasuwar duniya, kadarar tana nan don ƙulla yarjejeniya, amma abin dogaro shi ne alkawarin wanda ya fitar da takardar. Na Najeriya a nan yake. Ba wanda zai kafa shinge a hanyar Maiduguri ya ce rabonsa yake karɓa. Gwamnati ce ta tsaya masa, kamar yadda ta tsaya wa mai takardar bashi.

An ga yadda kashi na farko yake aiki a Amurka. Kamfanin East Cameron ya fitar da sukuk a 2006 a kan rabon iskar gas da yake haƙowa a tekun Louisiana. Da ya karye a 2008, sai ya ce ai rance ne aka ba shi da jingina, don rabon ya dawo cikin dukiyarsa. Kotu ta ƙi, ta ɗauki abin a matsayin ciniki, rabon ya tabbata na masu sukuk.

Malamai ma sun daɗe suna ja a kan alkawarin saye a farashin farko, domin yana kawar da haɗarin asara. A 2008 majalisar shari'a ta hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta hana shi ga abokin tarayya ko mai juya kuɗi a mudaraba, amma ta halatta shi ga mai haya a ijara. A ganina, mai shirin saye ya nemi takardar bayanin tayin ya karanta sashen da ya yi magana a kan gaza biya. In ya ga an ce masu takardu ba su da ikon sayar da kadarar, sai dai su nemi mai fitarwa ya cika alkawarin saye, to ƙarfin aljihun mai fitarwar ne zai auna kafin ya zuba kuɗinsa.