Wayar da ke cewa "na isa" a madadinka

A gidaje da yawa, wanda zai fita aiki ba ya barin ƙofa sai an bi shi da cewa, "Idan ka isa ka sanar da mu." Sai ya isa, gaisuwa da aiki su ɗauke masa hankali, ba zai tuna ba sai an kira shi wajen azahar ana mita. Wannan ƙaramin aiki yana cikin abubuwan da waya za ta iya yi da kanta, idan an koya mata sau ɗaya.

Manhajojin da ke yin wannan duk tafiyarsu ɗaya ce. Ana gaya wa waya abin da za ta jira ya faru, da abin da za ta yi idan ya faru, da kuma sharuɗɗan da za su hana ta yi ba bisa ƙa'ida ba. Masu iPhone suna da Shortcuts, wadda kamfanin Apple ya fitar a 2018 bayan ya sayi wata manhaja mai suna Workflow a 2017. Masu Android kuwa, wato galibin masu riƙe da Tecno da Infinix da itel da Samsung, sukan sauke MacroDroid, wadda ke barin mutum ya haɗa umarni biyar kyauta, ko Tasker, wadda ake saye kuma ta fi wuyar koyo.

A ce malamar asibiti ce da ke shiga aiki ƙarfe takwas, tana so maigidanta ya samu saƙo da zarar ta isa. Idan iPhone take riƙe da ita, za ta buɗe Shortcuts, ta shiga Automation, ta zaɓi Arrive. Taswira za ta fito, ta nemi wurin aikinta, ta ga an zagaye shi da shuɗin da'ira wadda ake iya ja a faɗaɗa ko a rage. Daga nan ta zaɓi Time Range ta sa daga 7:00 zuwa 9:30, sannan ta ƙara Send Message, ta rubuta saƙon, ta zaɓi lambar maigidan. Tun daga iOS 17 ana iya danna Run Immediately, saƙon ya tafi ba tare da an tambaye ta ba. A wayoyin da ba su kai nan ba, sanarwa ce za ta fito sai ta taɓa ta tukuna. A MacroDroid abin bai bambanta sosai ba: Geofence a ƙarƙashin Triggers, Send SMS a ƙarƙashin Actions, ranaku da lokaci kuma a ƙarƙashin Constraints. Mai layi biyu ya duba da wane layi saƙon zai fita, kada ya ɗora shi a kan wanda kullum babu kuɗi a ciki.

Haɗawar ba ta cin minti goma. Inda ake samun matsala shi ne wajen da'irar nan, domin waya ba ta san mece ce "isa wurin aiki" ba. Abin da ta sani kawai shi ne ɗazu tana wajen wani zagaye a taswira, yanzu kuma tana ciki. Tana kintatar inda take ne daga taurarin GPS, da turakun kamfanonin waya, da Wi-Fi ɗin da ke kusa, kuma kintacen yana iya kaucewa da mita masu yawa, musamman a cikin gini. Shi ya sa Google ke ba masu ƙera manhaja shawarar kada nisan tsakiyar da'ira zuwa bakinta ya gaza mita 100 zuwa 150. Idan aka matse ta ƙwarai, sai mutum ya shiga ofis ya zauna wayar ba ta lura ba. Idan kuma aka buɗa ta har mita 500, ta haɗiye babban titi, sai saƙon "na isa lafiya" ya tafi alhali malama tana cikin a-daidaita-sahu a cunkoso, da sauran tafiya a gabanta. Dabarar ita ce a ɗora tsakiyar da'irar a kan ginin kansa, a ɗan karkatar da ita nesa da titi, a fara da mita 150, sannan a gyara gwargwadon abin da aka gani. Ko da komai ya yi daidai, jinkirin minti biyu ko uku ba abin mamaki ba ne, don wayar ba ta duba inda take kowane daƙiƙa, saboda tattalin batir.

Taƙaita lokaci ma ba ado ba ne. Wayar da ba a sa wa iyaka ba za ta aika saƙo duk sanda aka ƙetare da'irar: an fita sallar azahar an dawo, saƙo, an je sayen abinci an dawo, wani saƙon, ran Asabar an bi ta unguwar za a je biki, sai ga shi an sanar da gida wai an isa aiki. Kowane ɗaya kuɗi ne, tunda saƙon tes a Najeriya ya koma naira 6 daga naira 4 a 2025, amma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne bayanin da za a yi ta yi a gida. MacroDroid tana barin a zaɓi Litinin zuwa Juma'a kai tsaye. Arrive na iPhone awanni kawai yake tambaya, ba ya tambayar ranaku, don haka mai son ware ƙarshen mako sai ya ƙara If da zai duba ranar kafin a aika.

Wasu sukan bar taswira su ce wayar ta aika saƙo idan ta haɗu da Wi-Fi na ofis. Wannan ya fi dacewa da ainihin shiga gini, amma a inda ake ɗauke wuta yana da nasa aibin. Duk sanda aka ɗauke aka tayar da janareta, na'urar Wi-Fi za ta mutu ta dawo, wayar ta sake haɗuwa da ita, ta ɗauka yanzu aka iso.

Idan kuwa saƙon ya yi kwana biyu yana tafiya sannan ya tsaya cak, da wuya laifin ya kasance na taswira. Yawancin wayoyin Android suna kashe manhajar da suka ga tana aiki a ɓoye don batir ya daɗe. A shiga Settings a cire manhajar daga takurawar batir, a kuma tabbatar izinin sanin wuri yana kan Allow all the time, domin idan yana kan "sai ana amfani da manhajar" ne, ba za ta ga komai ba muddin wayar na cikin jaka. MacroDroid tana da System Log inda ake ganin ko umarnin ya tashi da ƙarfe nawa. Idan ya nuna ya tashi amma saƙo bai je ba, a duba kuɗin layi ko sabis. Kafin a sa lambar kowa, a fara sa lambar kai, a gwada na mako guda.

Saura maganar abin da za a rubuta. Ni dai ban ga dacewar a sa "na isa lafiya" ba, domin wayar ba ta san lafiyar mai ita ba, ba ta ma san ko a hannunsa take ba. Wayar da aka fizge aka bi da ita ta unguwar za ta aika saƙon kamar kullum. Gara a rubuta abin da ya tabbata, misali "Wayata ta shiga harabar ofis," kuma a gaya wa mai karɓa tun farko cewa na'ura ce ke aikawa, don kada rashin zuwan saƙo wata rana ya tayar masa da hankali a banza. Wanda kuma hanyarsa ke da hatsari, har mutanen gida ke dogaro da wannan saƙo don su san ya tsira, ya zaɓi Run After Confirmation: wayar ta tuna masa, shi kuma ya danna da hannunsa.