Kafin ka sa hannu, karanta yadda za ka fita

Ranar da aka miƙo wa mutum takardar ɗaukar aiki, idonsa kan albashi yake fara sauka, sau da yawa ma a nan karatun ke tsayawa. Amma lauyan da ke duba takardar a madadin ma'aikaci daga shafukan baya yake somawa, inda aka rubuta yadda za a rabu.

Mu ɗauki misalin matashin da wani kamfanin rarraba magunguna a Kano ya ɗauka a matsayin manajan talla. Albashinsa naira 300,000 a wata, amma da aka rarrabe shi, tsurar albashin 90,000 ne kawai, sauran duk alawus ne na gida da mota da makamantansu. Takardar ta ce kamfani na iya sallamarsa da notis na wata ɗaya, ko ya ba shi tsurar albashin wata ɗaya a madadin notis. Shi kuwa in zai ajiye aiki, sai ya ba da notis na wata uku, ko ya biya cikakken albashin wata uku. To, a yi lissafi. In kamfani ya gaji da shi, 90,000 ta raba su. In shi ne ya samu gaba yana son tafiya nan take, 900,000 zai nemo, ninki goma ke nan. Abu na farko da za a nema masa shi ne a daidaita wa'adin ga ɓangarorin biyu, a kuma rubuta ƙarara cewa da cikakken albashi za a lissafa kuɗin madadin notis.

Wani zai ce ai akwai doka. Akwai kam. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya sa mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, sannan wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Sai dai dokar ta leburori da ƙananan ma'aikatan ofis ce, ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru. Saboda haka manajan namu abin da ya sa wa hannu shi ne madogararsa ta farko.

Daga nan sai a duba bambancin sallama da kora. Kora ita ce ta babban laifi, ba notis, kuma galibi wasu haƙƙoƙi kan tafi da ita. In takarda ta ce babban laifi shi ne duk abin da kamfani ya ga dama ya kira laifi, an bar ƙofa a buɗe. A nemi a jera laifuffukan, a kuma rubuta cewa za a ba shi takardar tuhuma da damar kare kansa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa wa shari'un aiki, ta sha yanke hukuncin cewa sallama ba tare da dalili ba zalunci ce, amma shari'a tana cin lokaci da kuɗi, gara a gyara tun a takarda.

Sashen da ya fi cizo shi ne wanda ke bin mutum bayan ya tafi. A takardar manajan an rubuta cewa har shekara uku ba zai yi aiki da kowane kamfanin magani ba a duk faɗin Najeriya. Kotu ba ta amincewa da irin wannan takunkumi sai ya dace da hankali: me yake karewa, tsawon wane lokaci, a wane yanki? Sirrin farashi da jerin abokan ciniki abin karewa ne, amma ƙwarewar da mutum ya tara a kansa tasa ce. A shari'ar Koumoulis da Leventis Motors ta 1973, Kotun Ƙoli ta tabbatar da takunkumin shekara ɗaya a kewayen mil 50, don haka kada wani ya ɗauka barazana ce kawai. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018 kuma ta sa shekara biyu a matsayin iyaka.

Ko da takunkumin ba zai tsaya a kotu ba, yana iya yin ɓarna, domin wasiƙar lauya guda ta isa ta sa sabon kamfani ya janye tayinsa. A ganina abin da ya kamata manajan ya nema shi ne a mayar da shi wata shida, a taƙaita shi ga Kano, ko kuma a musanya shi da alkawarin ba zai zawarci kwastomomin da ya yi hulɗa da su a shekararsa ta ƙarshe ba. Ya kuma dage a ƙara jimla ɗaya: in kamfani ne ya sallame shi ba da laifinsa ba, takunkumin ya faɗi.