'Yar Kwatano Ko 'Yar Gida: Lissafin Da Ake Yi Kafin A Biya Kuɗin Mota

Kafin 2023, ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya tara kuɗin mota ba ya dogon tunani. 'Yar Kwatano yake nema, wadda ba a taɓa maƙala mata lambar Najeriya ba, ita kuwa 'yar gida sai wanda aljihunsa bai kai ba. Amma tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Motar waje da dala ake sayenta, da dala ake biyan jirgin da zai kawo ta, kuma da canjin dala kwastan ke lissafa kuɗin fito. Shi ya sa mutane da dama suka juya ga motar hannu, ita ma farashinta ya bi sahu.

Bari mu ɗauki mota ɗaya mu bi ta daki-daki: Toyota Corolla ƙirar 2010, mai injin lita 1.8 da giyar otomatik. Mu ƙaddara dillali ya nuna maka guda biyu, tokumbo a kan naira miliyan 10, 'yar gida a kan miliyan 7. Waɗannan alƙaluma na misali ne, don farashi yana sauyawa daga wata zuwa wata. Tambayar ita ce: me wannan ratar miliyan 3 za ta saya maka?

Abin da ake biya a tokumbo shi ne rayuwar da motar ta yi a can. Ta yi tafiya a kan kwalta mai kyau, galibi an zuba mata bakin man da kamfani ya tsara, kuma ba wanda ya cire mata wani abu da sunan dabara. Wannan gaskiya ne, amma ba ga kowace ba. Da yawan motocin da ake kawowa daga Amurka an sayo su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Wata ƙaramin karo ne, an canza mata bamba da fitila, ba laifi. Wata kuwa an miƙe mata ƙashin jiki ne a garejin Legas ko Kwatano, aka shafe da fila, aka fesa fenti.

Makamin mai saye a nan shi ne lambar shasi. Haruffa ne da lambobi guda 17, ana ganinsu ta ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofarsa, kuma dole su yi daidai da na takardun kwastan. Na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙira: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, harafin A kuma 2010. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin motar da aka sauya wa fitilu da fuska don ta yi kama da sabon yayi. Idan daga Amurka ta zo, da wannan lamba ake ciro tarihinta a Carfax, kuma sau da yawa rubuta lambar kawai a intanet kan fito da hotunanta ranar da aka yi gwanjonta. Dillalin da ya hana ka ɗaukar hoton lambar ya riga ya ba ka amsa.

Motar ambaliya ta fi ta haɗari sharri, domin ita ciwonta a wayoyi yake, kuma ba ya bayyana sai bayan watanni. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai shatin ruwa. Ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarafunan sun yi tsatsa, ka ɗaga safiyar taya ka shafa ko akwai busasshiyar laka. Agogon tafiya ma ba abin gaskatawa ba ne kai tsaye. Motar Amurka da mil take ƙirga, mil 150,000 kuwa ya kai kilomita 240,000. Idan motar 2010 ta nuna mil 60,000 alhali robar birki ta cinye, sitiyari ya yi sulɓi, to an taɓa agogon.

Akwai kuma tokumbon ƙarya, wato 'yar gida da aka cire wa lamba, aka wanke mata inji, aka liƙa mata takarda a gilashi. Sai batun fito. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, wanda ya taɓa tsohuwar hanyar nan ta Kwatano zuwa Gaya zuwa Maraɗi zuwa Katsina. Motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya takan yi araha, amma ranar da kwastan suka tare ta a hanya, mai ita ne zai ji a jikinsa, ba wanda ya shigo da ita ba. A kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin a biya, ba bayan an biya ba.

Ita 'yar gida matsalarta daban ce, kuma a ganina nan ne ya kamata mai saye ya fi zuba ido. Ba shekarunta ne abin tsoro ba, hannuwan da ta bi ne. Abu na farko da yawancin garejinmu ke yi wa motar da ta shigo shi ne cire tamostat, a haɗa fankar lagireto kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Daga nan sai a daina zuba ruwan sanyaya inji na musamman, a koma ruwan rijiya. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, sai ya riƙa shan fetur fiye da kima. Ruwan rijiya kuma yana sa tsatsa, ya toshe lagireto, wata rana a kan hanyar Zariya allura ta hau, gaskit ya ƙone. Motar da ta taɓa irin wannan zafin, ko an gyara, da wuya ta koma yadda take.

Ana iya gane hakan ba tare da an kwance komai ba, muddin ka je da safe kafin a tayar da ita. Ka ɗora hannu a kan injin; in ka ji ɗumi, an riga ka. Ka buɗe murfin lagireto tun tana sanyi, don buɗe shi da zafi yana ƙona mutum. Ruwa mai launi, ja-ja ko kore, alama ce mai kyau; ruwan tsatsa ko mai maiƙo a sama ba alheri ba ne. Ka juya murfin bakin mai, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kunun gyaɗa, akwai yiwuwar ruwa na haɗuwa da mai. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji da ta jakar iska dole su kama, su mutu daga baya. Wadda ba ta kama ba sam, an kashe ta ne don kada ta yi magana. In kuma fanka ta soma juyawa tun a lokacin, ka san an yi mata haɗin kai tsaye.

Bayan ta tashi, ka tsaya ta baya. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin injin yana cin bakin mai. Ka zaro sandar man giya, wadda wannan Corolla tana da ita: ja mai haske shi ake so, baƙi mai ƙauri kuwa yana nufin giya ta sha wuya. Sai indomi, wannan matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake sacewa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Ana sace ta a gareji, ana kuma sace ta tokumbo tun kafin ta iso hannun dillali. Na'urar binciken inji takan nuna `P0420` idan ta lalace ko babu ita. A sa na'urar bayan an yi tafiya mai ɗan nisa, saboda mai wayo yakan goge lambobin matsala kafin ka iso.

Yanzu mu koma lissafi. A ce 'yar gidan nan injinta da giyarta lafiya, amma tana buƙatar tayoyi huɗu, shokazoba, tamostat, wanke lagireto da gyaran na'urar sanyaya ɗaki, duka ya tashi miliyan 1. Ta tsaya maka a miliyan 8. Tokumbon ma ba a hawa haka nan: akwai kuɗin lamba da takardu, canjin mai, wataƙila batir da tayoyi, mu ce rabin miliyan, ta zama miliyan 10 da rabi. A nan 'yar gida ta yi nasara da miliyan 2 da rabi, ga shi kuma ranar da ka maƙala wa tokumbo lamba, ita ma ta zama 'yar gida a idon mai saye na gaba. Amma a ce bayan wata uku injin 'yar gidan ya buga, giya ta bi bayansa, ka kashe wani miliyan 2 wajen sayen na kwance. Ribar ta kusa ƙarewa, ga zaman gareji, ga shi in ka tashi sayarwa za a ce an taɓa sauke mata inji. Araha ba ta ado ke nan.

Don haka ni ina fifita 'yar gida idan an san mai ita, musamman wanda shi ya fara hawanta tun tana tokumbo, kuma ya yarda bakanikenka ya duba ta a garejinsa. Bakanikenka nake cewa, wanda kai za ka sallama, ba wanda dillali ya kira ba, domin wannan yana da kaso a la'ada. Idan kuwa motar ta bi hannu uku ko huɗu, ko ta yi haya, ko ba wanda zai iya ba da labarinta, to tokumbo mai tsabtataccen tarihi ta cancanci kuɗinta.

Duk wannan lissafi ya yi sauƙi ne saboda Corolla ce. Kayanta suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, na kwance da sababbi, kuma ko a ƙauye ta tsaya za a sami wanda ya san ta. Motar Jamus mai tsada da aka karya wa farashi ba haka take ba. Wani ƙaramin abu in ya lalace sai an aika Ladipo a Legas, wani lokacin sai an jira daga waje. Pontiac Vibe tana tsakiya: injinta na Toyota ne, kayansa a wadace, amma fitila da bamba sun fi wuyar samu, tunda an daina ƙera Pontiac tun 2010. Ko a cikin Toyota ma akwai bambanci. Camry mai injin lita 2.4 ta 2007 zuwa 2009 an san ta da shan bakin mai, yawancin Corolla ta Amurka daga 2014 kuma giyar CVT gare ta, mai nata man na daban, wadda zuba mata man giya na gama-gari ke kashewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga kasuwar kayan gyara ta garinku kafin ka biya, ka tambayi farashin abubuwa huɗu na wannan ƙirar: inji, giya, fitilar gaba da shokazoba. In mutum uku sun ba ka farashi nan take, motar za ta zauna da kai. In kowa ya ce sai ya buga waya Legas, ka cire kuɗin wannan jiran daga abin da za ka taya.