IELTS iri biyu ce: wacce za ka rubuta kafin ka nemi tafiya?

Duk wanda ya buɗe shafin rajistar jarabawar Turanci ta IELTS, tambayar farko da zai ci karo da ita ita ce: Academic yake so ko General Training? Mutane da yawa a nan suke yin kuskure, tun ba su biya kuɗi ba. Wani ya ji an ce General Training ta fi sauƙi sai ya danna ta. Wani kuma yana ganin tunda shi mai digiri ne, Academic ce ta dace da matsayinsa. Dukansu sun manta cewa ba mai rubuta jarabawa ne ke da wannan zaɓi ba. Wanda zai karɓi takardar sakamakon, jami'a ce ko hukumar shige da fice ko majalisar da ke ba da lasisin sana'a, shi ne ya riga ya yanke irin da yake so, kuma idan ka kai masa ɗayan ba zai dubi yawan makinka ba.

An fara IELTS a 1989, kuma hukumomi uku ne suka mallake ta: British Council, da IDP ta ƙasar Ostareliya, da sashen jarabawa na Jami'ar Cambridge. Tana da sassa huɗu: sauraro, karatu, rubutu da magana. Ana ba da maki daga 0 zuwa 9, har da rabi-rabi kamar 6.5, a kowane sashe, sannan a fitar da matsakaicin huɗun. Babu "ci" ko "faɗuwa" a jikin takardar. Kowace hukuma ce ke faɗin makin da ya ishe ta. Galibi kuma ba a karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu.

Sashen sauraro, mai tambayoyi 40 cikin kimanin minti 30, iri ɗaya ne ga kowa. Haka ma sashen magana, inda za ka zauna da mai jarabawa na minti 11 zuwa 14. Bambancin duka yana cikin karatu da rubutu.

A karatun Academic za a ba ka dogayen rubuce-rubuce uku da aka ɗebo daga littattafai da mujallun ilimi, misali bayani kan rayuwar wata dabba ko tarihin wata ƙirƙira, ka amsa tambayoyi 40 cikin awa ɗaya. Ba sai ka san fannin ba, amma sai ka iya bin hujjar marubuci har ka gane abin da ya faɗa da abin da bai faɗa ba. General Training kuwa tana farawa da abubuwan yau da kullum: sanarwa, talla, jadawalin mota. Sai ta shiga takardun wurin aiki, irin su dokokin hutu ko sharuɗɗan ɗaukar ma'aikaci, ta ƙare da dogon rubutu guda.

Daga nan ne maganar "sauƙi" ta samo asali, kuma rabin gaskiya ce. Rubuce-rubucen sun fi sauƙin fahimta, amma masu jarabawar sun san da haka, shi ya sa ma'aunin ya fi tsauri. A Academic, wanda ya amsa kimanin 30 daidai cikin 40 zai sami maki 7. A General Training, amsa 30 ɗin nan maki 6 kawai za ta ba shi. Kafin ya kai 7 sai ya ci 34 zuwa 35. Wato mai Academic yana da damar kuskure goma, shi kuwa wancan biyar ko shida ne iyakarsa. Alƙaluman sukan ɗan motsa daga jarabawa zuwa jarabawa, amma tazarar tana nan. Mutumin da Turancinsa ke da kyau amma yake da gaggawa, mai rubuta kalma uku inda aka ce kada a wuce biyu, ko mai sakaci da haruffa, ya fi shan wuya a wadda ake kira mai sauƙin.

Rubutu awa ɗaya ne, aiki biyu. Na farko kalma 150 aƙalla, ana so a gama shi cikin minti 20. A Academic za a ba ka zanen ƙididdiga ko tebur na alƙaluma ko taswira ko hoton matakan yin wani abu, ka bayyana shi: me ya hau, me ya sauka, ina babban bambanci yake. Ba a neman ra'ayinka, kuma wanda ya shiga kawo dalilan da babu su a zanen yana zubar da maki. A General Training wasiƙa za ka rubuta, ko ga mai gidan haya kan famfon da ya lalace, ko ga shugabanka a wurin aiki, ko ga aboki. Abin da ake dubawa shi ne ka taɓo dukkan batutuwa ukun da aka lissafa maka, kuma harshenka ya dace da wanda kake wa wasiƙar. Mu da muka saba buɗe wasiƙa da doguwar gaisuwa da tambayar iyali sai mu yi hattara, domin kalma 150 ba ta da wurin wannan. Aiki na biyu insha'i ne na kalma 250 a duka biyun, kuma nauyinsa ninki biyu ne na na farko.

To, wa ke son wacce? Jami'o'i, ga mai neman digiri na farko ko na biyu ko na uku, Academic suke nema. Haka majalisun lasisi na ma'aikatan lafiya. Majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, NMC, tana son Academic da maki 7 a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu. Ta likitoci, GMC, tana son jimillar 7.5, kuma kada wani sashe ya gaza 7. Dukansu suna karɓar wata jarabawar ta ma'aikatan lafiya mai suna OET a madadinta. Ita kuwa Kanada, a tsarinta na neman zama na dindindin da ake kira Express Entry, General Training kaɗai take karɓa daga IELTS. Ko farfesa ne ya kawo Academic mai maki 9, ba za a lissafa masa ba. Ostareliya tana karɓar kowanne wajen biza, sai dai hukumar da za ta tantance sana'ar mutum tana iya cewa sai Academic.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya a Kano wadda zuciyarta ta rabu tsakanin Birtaniya da Kanada. Ta rubuta Academic, ta sami 7.5 a sauraro, 7 a karatu, 6 a rubutu, 7.5 a magana. Idan aka tara 28 ne, a raba huɗu ya ba da 7 cif. Dangi za su taya ta murna, amma wannan takarda ita kaɗai ba ta cika sharaɗin NMC ba, saboda rubutun ya gaza 6.5 da rabin maki. Ta ce to bari ta juya Kanada, tunda mafi ƙarancin abin da ake nema a rukunin ƙwararrun ma'aikata na Express Entry maki 6 ne a kowane sashe, ita kuma ta wuce nan. Sai ta tarar takardarta ba ta shiga can ba sam, domin ba irin da suke so ba ce. Dole ta sake biya ta zauna General Training.

Kuma ko a can, maki 6 shiga layi kawai yake ba mutum. Tsarin gasa ne, ana jera masu nema bisa maki, kuma babban ƙari yana zuwa ne ga wanda ya kai matakin da Kanada ke kira CLB 9, wato 8 a sauraro da 7 a sauran ukun. Amsoshi 30 da suka ba ta 7 a karatun Academic yanzu 6 za su ba ta. Idan Allah ya sa ta samu shiga ƙasar, za ta iske cewa izinin zama daban, lasisin aikin jinya daban. Kowane lardi yana da majalisarsa, kuma inda suka nemi IELTS a matsayin shaidar Turanci, yawanci Academic ce. Wataƙila a lokacin ta farkon ta haura shekara biyu. Mutum ɗaya, sana'a ɗaya, ƙasa ɗaya, amma yana iya buƙatar duka biyun. Abin da ya rage masa shi ne tsara wacce zai fara, don kada ɗaya ta mutu yana jiran ɗaya. Ɗalibin da ya je Kanada digiri na biyu da Academic ma haka ne: ranar da ya so zama na dindindin, sai ya koma ɗakin jarabawa.

Birtaniya tana da nata tarkon. Akwai abin da ake kira IELTS for UKVI. Tambayoyi da wahala duk ɗaya ne da na kullum, ana kuma yin ta a Academic ko General Training, sai dai a cibiyar da hukumar biza ta amince da ita ake rubutawa, kuma takardar tana ɗauke da wata lamba ta musamman da ake sawa a fom ɗin biza. Mai zuwa karatun share fage, wanda bai kai matakin digiri ba, yawanci ita ake nema daga gare shi. Wanda ya rubuta ta kullum ba zai iya mayar da ita ta UKVI daga baya ba. Matar da za ta bi mijinta da bizar iyali kuwa ba ta buƙatar duk wannan dogon aiki: akwai IELTS Life Skills, sauraro da magana kawai, a matakin farko na A1.

Kafin a kashe kuɗin ma, yana da kyau a tambaya ko ana buƙatar jarabawar. Jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC daga 'yan Najeriya, galibi C6 zuwa sama, ko da yake kowace da sharaɗinta. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci kuma, idan Kanada suka nufa, suna iya shiga Express Entry da jarabawar Faransanci, TEF Canada ko TCF Canada.

A ganina babbar matsalar ita ce dogaro da maganar ejan ko ta wani da ya tafi shekaru biyar da suka wuce. Waɗannan sharuɗɗa suna sauyawa, kuma har a jami'a ɗaya abin da sashen shari'a ke nema ya kan fi na injiniya. Ka buɗe shafin ita hukumar da za ta karɓi takardarka, ka nemo abu huɗu a rubuce: irin jarabawar, ko sai ta UKVI, makin da ake so a kowane sashe ba jimilla kaɗai ba, da ranar da sakamakon zai kasance bai wuce shekara biyu ba. Idan shafin bai fayyace ba, ka aika musu imel ka ajiye amsar. Sai bayan nan ka ɗauko fasfonka ka yi rajista, kuma ka duba sunan jarabawar a kan allo sau biyu kafin ka biya.