Keke Na Biyu: Yadda Wani Tela Ya Ƙara Jari Daga Kuɗin Ɗinkinsa

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah ya san yadda ake kwashewa da tela a goman ƙarshe na azumi. Ka je ya ce ka dawo jibi, ka koma ka tarar ko yankawa bai yi ba. Mutane kan ce halin teloli ne, amma sau da yawa lissafi ne ya ƙwace musu: mutum ɗaya da keke ɗaya, ya karɓi aikin mutum uku. Maganin da kowa ke faɗa shi ne a ƙara keke, a ɗauki yaro. Yadda ake kai wa ga haka ba tare da an ci bashi ba shi ne abin dubawa, kuma zan nuna shi ta labarin wani tela mai ɗinkin maza a wani lungu na Fagge, a Kano. Alƙaluman da ke ciki na misali ne, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Telan nan yana da keken Butterfly na ƙafa guda ɗaya, da almakashi, da tef, da dutsen guga na gawayi. Yana ɗinka kaftani da wando a kan naira 5,000. Zare da maɓalli da gawayi suna cin kamar 800. Wibin ɗin bakin yadi da ɗan aikin wuya kuwa sai ya kai wa masu kekensu, su karɓi 1,200. Abin da ya rage masa a kowane ɗinki 3,000 ne. A makon da ba Sallah ba biki yakan gama kala goma, wato 30,000. Cefane da kuɗin haya da hidimar yara su kwashe 24,000. Ragowar 6,000 ɗin nan su ne duk abin da zai iya kira riba, kuma shekara da shekaru ba ya ganin inda suke shiga.

Abin da ya fara gyarawa shi ne kafin alƙalami. In mai ɗinki ya ba shi rabin kuɗi ya tafi, da can sai ya jefa a aljihu ya yi cefane da su. Ranar da za a sayi zare babu ko sisi, sai ya jira wani ya kawo sabon yadi ya yi amfani da kuɗinsa. Haka aiki ke hawa kan aiki har a fara saɓa alkawari. Sai ya sami gwangwani ya ware wa kuɗin aikin da bai gama ba, ba ya taɓa su sai kaya sun bar shago. Bayan haka ya shiga adashin 1,000 kullum da maƙwabtan shagonsa, ban da Juma'a. Cikin mako 15 ya zuba 90,000, kuma da gangan ya roƙi a ba shi kwasar ƙarshe don kada kuɗin su zo ya rasa abin da zai yi da su sai ci.

Da kuɗi suka zo hannu, abokai suka ba shi shawara ya ƙara da bashi ya sayi babban keke mai wuta irin su Juki. Keken yana da sauri, babu musu, amma yana son wutar lantarki, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kunna janareta ya zama abin da ƙaramin shago ke jin tsoro. Ga shi kuma ɗan koyo ba ya iya riƙe keke mai gudu haka. Sai ya nemi keken ƙafa na hannu, irin nasa, domin allura da ƙoshiyarsu ɗaya ne, in na wannan ya lalace a ari na wancan. A ganina wannan ce shawara mafi kyau da ya yanke a duk tafiyar.

Bai saya da ido ba. Ya tafi da mai gyaran keke da ƙyallen shadda, ya ninka shi huɗu ya bi da ɗinki. Ya juya bayan ƙyallen ya duba ko zare na cukurkuɗewa a ƙasa, ko ɗinkin na tsallake. Ya saurari ƙarar keken, domin wanda cikinsa ya cinye yakan yi ƙwas-ƙwas maimakon sauti ɗaya santala. Na farkon da suka gwada yana tsinka zare, suka bar shi. Na biyu suka ɗauka a 80,000, sauran 10,000 suka tafi a sabon bel da mai da ladan mai gyara.

Yaro kuwa sai bayan Babbar Sallah ya karɓa, lokacin da kasuwar ɗinki ke kwantawa. Wanda ya ɗauki ɗan koyo a cikin azumi ba shi da lokacin koya masa komai, sai dai aike da tsawa. Wani maƙwabcinsa ne ya kawo ɗansa mai shekara 15.

"Malam, ga ɗanka nan na kawo maka amana. In ya taso daga makaranta nan zai riƙa zuwa."

"Allah ya ba mu ikon riƙewa, Alhaji. Amma ka yi haƙuri, zai daɗe bai taɓa almakashi ba."

Da gaske yake. Watannin farko yaron shara yake yi, da hura gawayi, da sa maɓalli, da kai wibin ya karɓo. In ya hau keke, ba zare a allura, yana koyon taka feda har ƙafarsa ta daina mayar da keken baya. Daga nan ya koma bin layin alli a kan ƙyallaye, sannan kalmasa ƙafar wando da haɗa aljihu. Yanka shi ne ƙarshe, domin ɗinkin da ya karkace ana farke shi, yadin da aka yanka ba daidai ba kuwa sai dai a biya.

Abin da masu sha'awar ɗaukar yaro ba sa lissafawa shi ne a farko yaro ragi yake jawowa. Kuɗin abincinsa 500 kullum sun cinye rabin abin da telan ke tarawa a mako. Ga allurar da ke karyewa, ga lokacin da maigida ke barin nasa aikin ya tsaya a kansa. Wata rana garwashi ya faɗo daga dutsen guga ya huda gaban rigar wani ango. Telan ya tafi Kantin Kwari ya sayo shadda irinta da kuɗin aljihunsa, tarin wata guda ya tafi. Yaron ya zo jiki na rawa yana cewa, "Oga, ka yafe mini." Bai kore shi ba, sai ya nuna masa yadda ake rufe murfin dutsen da kyau, da yadda ake gwada zafinsa a kan tsumma kafin a ɗora wa kayan mutane.

Sai a wata na bakwai abin ya fara juyowa. Maigida ya yanka ya haɗa riga, yaro ya haɗa wando a keke na biyu ya yi guga. Kala goma a mako suka zama 14, ƙarin 12,000 ke nan, a cire 3,000 na abincin yaro. Da azumi ya zagayo, telan ya ƙidaya abin da su biyun za su iya gamawa, ya rubuta a littafi, ya rufe karɓar ɗinki tun goman farko. Waɗanda ya mayar sun ji haushi, amma duk wanda ya karɓar wa ya sa kayansa ranar idi.

Yanzu ya sake shiga adashi, wannan karon na 2,000 kullum. Keken wibin yake hari, don ya rage kuɗin da ke fita a kowane ɗinki, ya kuma riƙa yi wa telolin layinsu su biya shi. Ya riga ya gaya wa mahaifin yaron cewa nan da shekara biyu zai yaye shi, don su ma su fara tanadin keken da zai fita da shi.